110 da 110 ko 180 da 70: wanne ya fi rufe jiki?

Maman Ilham, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai kaya ta turo mani hoton mayafai kala biyu, ɗaya an rubuta 110 da 110, ɗayan 180 da 70. Ba a ba da damar gwadawa, kuma in an saya ba a mayarwa. So nake ya rufe ƙirji ya sauko baya sosai. Wanne zan ɗauka?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin tambaya ba ne, 180 ta fi 110. Ɗauki dogon.

Anti Tela, Ƙofar Ƙaura: Ummu Sadik, 180 ɗin nan ba baya take sauka ba, ita ce ke zagaya fuska da wuya. Abin da ke sauka baya a dogon mayafi shi ne faɗinsa, wato 70 ɗin.

Maman Ilham, mu fara maida lambobin nan inci, tunda tef ɗinmu da inci muka saba karanta shi. Santimita aka rubuta. 110 inci 43 ke nan da ɗan ɗoriya. 180 da 70 kuma inci 71 da 27 da rabi. Na farkon murabba'i ne, tsawo da faɗi ɗaya, kuma ba a yafa shi a buɗe, ninkin samosa ake yi masa, kusurwa ta hau kusurwa. Da zarar kin ninke, 43 ɗin nan ta daina aiki, wasu lambobi biyu ne suka karɓi aikin. Layin ninkin da ke kwanciya a goshi ya zama kusan inci 61. Daga tsakiyar layin zuwa tsinin da ke sauka baya kuma rabin haka ne, inci 30 da rabi.

Ga lissafin da ba ya buƙatar waya: gefen murabba'i sau 7, a raba 10, shi ne saukarsa ta baya. 43 sau 7 301 ke nan, a raba 10 ya ba ki 30. To kin ga murabba'in yana da 30 a baya, dogon yana da 27 da rabi.

Ummu Sadik: To ashe duk kanwar ja ce. Inci biyu da rabi har wani bambanci ne? Na ma buga a waya, 110 sau 110 da 180 sau 70 kusan yadi ɗaya ne suka ci.

Anti Tela: Yadin da suka ci kusan ɗaya ne, gaskiyarki. Amma murabba'in an ninka shi biyu, rabinsa yana ɓoye a ƙarƙashin rabi. Sannan 30 ɗinsa a wuri ɗaya kawai take, a tsakiyar baya inda tsinin yake. Ki shimfiɗa shi a kan gado ki gani: duk inci ɗaya da kika sauko daga layin ninki, faɗinsa na raguwa da inci biyu. Dogon kuwa bakinsa a miƙe yake daga wannan gefe zuwa wancan.

Hajiya Mai Gyale, Babbar Kasuwa: Ina ƙara wa Anti. Ɗiyata, kada ki auna mayafi kafin ki auna kanki. Mi ya sa? Lambar nan 30 daga goshi ake fara ƙirga ta, ba daga wuya ba. Kafin mayafi ya bar goshi ya haye tsakar kai ya iso ƙeya ya riga ya cinye inci 13 ko 14. In akwai kitso mai tudu, ko an tufke gashi, ko an sa acuci, ki ƙara 2 ko 3. Nan ne masu saye ke ruɗewa. Sai mace ta ɗora mayafin a kafaɗa gaban madubi ta ga ya kai mata cinya, ta biya, in ta je gida ta ɗora a ka sai ta tarar ya tsaya a ƙugu.

Awo huɗu za ki yi, kuma ki yi su da irin kitson da kike yawan zama da shi, da hular da kike sawa ciki. Ki sa wata ta riƙe maki tef. Daga bakin goshi zuwa ƙeya. Daga bakin goshi, ta bisan kai, har inda kike son ya tsaya a baya. Zagayen fuska, daga goshi ta gaban kunne a bi ƙarƙashin haɓa a dawo. Sai daga haɓa zuwa inda kike son ya tsaya a gaba, tef ɗin ya bi ta kan ƙirji, ba ta tsakiya ba.

Maman Ilham: Na auna, Hajiya. Goshi zuwa ƙeya 15, saboda na tufke. Goshi zuwa ƙugu 31. In kuma har ya rufe mazaunai ne, 40. Fuska 22. Haɓa zuwa ƙasan ƙirji 16.

Anti Tela: Madalla, yanzu an zo wurin.

Murabba'in tukuna. Yana da 30 da rabi, ƙugunki na 31. Tsininsa kaɗai zai leƙa ƙugu, mazaunai kuwa ba zancensu. A gaba, layin ninki 61 ne, fuska ta ɗauki 22, saura 39, a raba biyu kowace jela ta samu 19 da rabi daga haɓa. A takarda ya wuce 16 ɗinki. Sai dai jelar nan tsini gare ta, inci biyar kafin ƙarshenta faɗinta inci biyar ne kacal. In kika bar su biyun suna reto, tsakiyar ƙirji zai rufu, gefe da gefe ya buɗe. Dole ki ɗauki jela ɗaya ki baza ta ki maƙale da fil a ɗaya kafaɗar.

Inda ya fi gajarta kuwa ba baya ba ne, ba gaba ba ne. Tsakaninsu ne, wajen bayan kafaɗa da damtse. Daga tsakiyar goshi zuwa bakin mayafi ta wannan wajen rabin gefensa ne kawai, wato 21 da rabi. Kai da wuya da gangaren kafaɗa za su cinye wajen 16 ko 17 a ciki. Abin da zai sauko kan damtse bai wuce tsawon yatsa da ɗan wani abu ba. Shi ya sa mai irin wannan in ta ɗaga hannu ta riƙe ƙarfen adaidaita, sai ki hango gefen rigarta gaba ɗaya.

Dogon kuma. 27 da rabi, ki cire inci 2 na lanƙwasawar da ake yi a goshi, saura 25 da rabi, ƙeyarki ta ɗauki 15. Inci 10 da rabi ne za su sauko bayanki, ya tsaya tsakiyar gadon baya. Amma shi tsakiyar bayan nan ita ce mafi gajartarsa, yana matsowa gefe yana ƙara sauka. Akasin murabba'i ke nan. A gaba kuma 71 a cire 22 saura 49: ki bar 16 a ɓangare ɗaya, 33 a ɗayan ki shimfiɗo shi kan ƙirji da cikakken faɗinsa ki jefa bayan kafaɗa. Ƙirji da kafaɗu sun rufu tsaf.

A taƙaice, a jikinki, dogon ya fi rufe gaba da gefe, murabba'in ya fi leƙa baya da tsini. Ba ɗayan da zai kai 40.

Maman Ilham: Innalillahi. To da na tura kuɗin ke nan da na yi asara.

Hajiya Mai Gyale: Ba asara ba ce in a kan abaya ko doguwar riga mai walwala za ki sa, don irin waɗannan ma don haka aka yi su. A kan riga da siket na atamfa ne za su ba ki kunya.

Zee Daura: Salam, ban karanta duka ba. Anti yadi nawa zai ishe ni hijabi har ƙasa?

Anti Tela: Ƙanwata, ba hijabin ɗinki ake magana ba, amma bari in ba ki a gurguje don ciwon ɗaya ne. A yankan da aka saba, ana ninka tsawon yadin biyu, layin ninkin shi ke bin tsakar kai ya sauka baya, ɗinkin kuma ya zo gaba ƙarƙashin haɓa. To tsawon bayan hijabin faɗin yadin ne, ba yawan yadin da kika saya ba. Mai faɗi 60, yadi 3, ga mace matsakaiciya zai tsaya a ƙwauri. Mai faɗi 45 ko yadi 5 kika saya ba zai wuce saman gwiwa ba, sai dai a juya yankan ko a yi masa ƙari. Ki auna daga goshi ta baya zuwa idon sawu ki kai wa tela lambar, shi zai faɗa maki ko sai da ƙari.

Zee Daura: Na gode Anti. Ni dai kullum wuyan ne ke mani yawa, yana zamewa baya.

Anti Tela: Ramin fuska ne ya yi faɗi. In yadi mai roba ne, a rage inci ɗaya daga awon fuskarki don zai buɗe. In marar roba ne a bar shi daidai. Mu koma kan maganar Maman Ilham.

Malama Rabi, Islamiyya: Akwai dabarar da ba a ambata ba. Ba dole sai an ninka murabba'i rabi da rabi ba. A lanƙwasa kusurwa ɗaya kaɗan zuwa ciki, ƙaramar samosa a ciki, babba a waje. Haka 'yan mata ke yi, kuma wannan 110 ɗin zai kai mata 40 ɗin da take nema ba tare da ta sayi wani ba.

Anti Tela: Malama, ta baya kin yi daidai. Daga kusurwa zuwa kusurwa 61 ne. In ta yi ninkin a inci 20 daga kusurwar sama, saura 41 za su sauka baya. Amma abin da baya ya samu, daga gaba aka ɗebo shi. Layin ninkin ya dawo 40 maimakon 61. A cire 22 na fuska, kowane ɓangare inci 9 ne ke ƙarƙashin haɓa kafin bakin mayafin ya karkace ya nufi gefe. Kusurwoyin biyu sun daina saukowa kan ƙirji, sun koma wajen hannuwa.

Na biyu, bayan ya zama falle ɗaya. Shifon da ke rufe wuya yana ninke biyu, in ya zama falle ɗaya shara-shara ne a rana.

Malama Rabi: Ai ana jawo kusurwoyin gaba a haɗa su da fil a tsakiya, ƙirjin ya rufu. Na ga ana yi yana zama lafiya lau.

Anti Tela: Yana zama ga yarinya 'yar shekara sha biyu mai ƙaramar kafaɗa. Ga mai 16 daga haɓa, in kika jawo su gaba sai mayafin ya ɗame a kafaɗa ya fitar da surar da ake son ɓoyewa.

Malama Rabi: Ban yarda duka ba, Anti. Ya danganta da laushin yadin. Amma na yarda da zancen falle ɗaya.

Hajiya Mai Gyale: Ku bar ta ta gwada da zanen gado ko tsohon ɗankwali, ai gani ya kori ji.

Ni abin da zan ce, in murabba'i take so kuma 40 take nema, a juya lissafin Anti: 40 sau 10 a raba 7, ya ba da 57. To mai 60 za ta nema, wanda ake rubuta wa 150 da 150. In babu a kasuwa, yadi mai faɗi 60 za ta saya, yadi ɗaya da kwata uku, tela ya daidaita bakin ya fitar da 60 cif. Bayan kalmasa zai dawo wajen 59. Baya 41, jela kowace 30, gefe kuma kusan gwiwar hannu.

In kuma dogo ne, faɗin za ta duba. Mai 90, wato inci 35, zai rufe mata ƙugu. Don 40 kuwa sai yadi mai faɗi 45, a yanko yadi biyu in jefawa kafaɗa kawai za ta yi, biyu da rabi in za ta sake zagayo da shi ta kai. Wannan kuma ai gyalenmu ne na gida da muka sani tun fil azal, sai da aka sa masa lamba a leda ya zama baƙo.

Ummu Sadik: Hajiya mai 60 ninki biyu a zafin Katsina na watan Afrilu? Mutum ai sai ya dahu.

Hajiya Mai Gyale: Shi ya sa ni gyale nake ba mutum shawara. Falle ɗaya mai ɗan kauri ya fi falle biyu na roba shan iska.

Anti Tela: Nan kuma zan saɓa wa Hajiya kaɗan, da girmamawa. Akwai abin da murabba'i ke yi wanda gyale ba ya yi. Layin ninkinsa a karkace yake bin zaren yadin, ba tsawo ba, ba faɗi ba. Kowane yadi in kika ja shi a karkace yana ɗan miƙewa, ko da atamfa ce. Wannan miƙewar ce ke sa ya kama fuska ya kwanta luf a gefen ido da kumatu, fil ɗaya a haɓa ya ishe shi. Bakin gyale kuwa a kan zare yake, ba ya miƙewa, sai ya bar 'yar kafa a wajen kunne, gashi ya leƙo. Dalilin lanƙwasa masa inci 2 a goshi ke nan, da sa hula a ciki. Ga mai hawa mashin ko mai aikin da take yawan sunkuyawa, murabba'i ya fi zama a ka.

Hajiya Mai Gyale: Ya fi zama, ban musa ba. Amma karkacewar nan ita ce kuma ke lalata shi. A rataye shi ta tsini a igiya yana jiƙe sau uku, sai ki ga ya yi tsawo ta gefe guda. A buɗe ake shanya shi.

Maman Sultana: Tunda ana maganar ninki, ni ɗankwalin atamfata in na ninka kusurwoyin ba sa haɗuwa, sai kunne biyu su fito a baya. Telan ne ya cuce ni ko?

Anti Tela: Bai cuce ki ba, yadi ɗaya ya yanka maki. Yadi inci 36 ne, faɗin atamfa kuwa wajen 45 zuwa 47. To 36 da 46 ba murabba'i ba ne, ba yadda za a yi kusurwoyin su haɗu. In kina son ya haɗu, ki ce ya yanki yadi ɗaya da kwata, ko kuma ya rage faɗin ya dawo 36 da 36. Ƙaramin nan ninkinsa 51 ne, zagayen kai wajen 22, saura ya isa ƙulli ɗaya a ƙeya da 'yar jela, ɗaurin zaman gida. Ɗaurin biki mai tudu, irin su ture ka ga tsiya, yana son babban. Sai dai ki sani turmi yadi 6 ne, kwatan da aka ƙara wa ɗankwali daga hannun riga ko zane za a cire shi. A faɗa wa tela tun kafin ya sa almakashi.

Maman Sultana: Ashe ni ce ban yi bayani ba. Allah ya huci zuciyar telana.

Hajiya Mai Gyale: Na kanti ma ba duka ne murabba'in gaske ba. A rubuta 110 da 110, ki auna ki samu 108 da 112, ko an yanka shi a karkace. In kina gaban kaya, ki ninka ki ga ko tsini ya hau tsini. In babu tef, ki kama jelar biyu ki buɗe hannuwanki. Gabar mutum kusan tsawonsa ce, to in ninkin ya kai daga yatsa zuwa yatsa ga mace matsakaiciya, mai 45 ne. In ya rage kamu ɗaya, ƙarami ne, na ɗaurin kai.

Sai kuma kayan da ke shigowa ta Jibiya daga Maraɗi, can da mita suke awo. Mita inci 39 ce da ɗoriya, ta fi yadi da inci uku da wani abu. Mita biyu ta fi yadi biyu da kusan inci bakwai. In mai kaya ta ce maki "biyu ne", ki tambaye ta biyun mi.

Ummu Sadik: Na auduga fa yana shiga in an wanke. A ƙara wannan a lissafi.

Anti Tela: Ƙwarai. In yadin auduga za a yanka, a jiƙa shi ya bushe tukuna sannan a auna. Jasi kuma akasin haka, nauyinsa na jansa ƙasa, tsawon ya ƙaru faɗin ya tsuke. Mai faɗi 27 na jasi in kin ja shi kin zagaya wuya ba zai ba ki 27 a baya ba.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, Anti da Hajiya da Malama. Na tambayi mai kayan, ta ce tana da 200 da 90, amma ba ta da 150 da 150, mafi girma 130. Na buga da lissafin Anti, 130 inci 51 ne, sau 7 a raba 10 kusan 36. Ya wuce ƙugu da biyar ke nan ko?

Anti Tela: Daidai kika buga. Tsinin ne zai wuce da biyar. Gefe kuma 25 da rabi, zai kai tsakiyar damtse ko ya ɗan wuce. Shi kuma 200 da 90, in kin cire lanƙwasar goshi saura 33, ya wuce ƙugu da biyu amma a miƙe.

Hajiya Mai Gyale: Kafin ki tura ko sisi, ki ce ta shimfiɗa shi ƙasa ta ɗora tef a kai ta ɗauko maki hoto, tsawo da faɗi, ba lambar leda ba. Kuma ta ɗaga falle ɗaya a hasken taga ta sa hannunta a baya.

Malama Rabi: Ni dai da 130 ɗin zan ɗauka in yi masa ƙaramin ninki.

Maman Ilham: Ta turo hoton dogon. Tef ya nuna 87, ba 90 ba. Na murabba'in ta ce sai yarinyarta ta dawo daga makaranta ta riƙe mata ɗaya bakin.